Sifanar Awo Wace Za Ka Saya Don Ɗaure Filanji?

Filanjin bututu, wato faifan ƙarfe biyu da ake haɗa bututu da su da bolti, in yana ɗigar ruwa bayan an sa masa sabon gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakaninsu, galibi ba gaskit ɗin ne da laifi ba. An matse gefe ɗaya ne kafin ɗaya gefen, fuskokin ƙarfen biyu suka karkace, gaskit ya lotse a nan, can kuma ya zauna sako-sako. Maganin shi ne ɗaurin tauraro, wato ka ɗaura bolti ɗaya, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kuma ka yi hakan mataki-mataki. Matakan nan su ne za su gaya maka irin sifanar da ta cancanci kuɗinka kafin ka shiga Suwame Magazin a Kumasi.

Mu ɗauki filanjin da aka fi cin karo da shi a ɗakin famfon ruwa: bututu mai inci 4, wanda aka buga wa DN100 PN16 a jiki. Boltinsa 8 ne, girman M16, notinsu na shan sokat mai lamba 24. Ka sa alli ka rubuta 1 zuwa 8 a kewaye, bi da bi. Tsarin ɗaurin shi ne 1, 5, 3, 7, 2, 6, 4, 8. Da farko a murza kowane noti da hannu har ya zauna, a duba ratar da ke tsakanin fuskokin biyu a wurare huɗu. Zagayen farko a ba da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da ake nufi, na biyu kashi 60 zuwa 70, na uku cikakke, duk a tsarin tauraro. Daga nan a bi su a jere, 1, 2, 3 har 8, a maimaita har noti ya daina motsi. Wannan zagaye na ƙarshe ba ado ba ne: duk boltin da ka matse yana ƙara danne gaskit, sai maƙwabtansa su ɗan saki. Bayan awa 4 ko fiye a sake bi, domin gaskit yana ci gaba da kwanciya.

To nawa ne "cikakke"? Lissafin shi ne T = K × D × F, inda T ƙarfin murɗar da sifana ke aunawa ne, D kaurin bolti ne, F jan da ake so boltin ya yi, K kuma gogayyar zare da ƙasan noti. A ce ana son kowane M16 ya ja 50 kN, wato nuton 50,000, an shafa masa giris, K ta kama 0.15. Kaurin M16 milimita 16 ne, wato mita 0.016, sai ya zama 0.15 × 0.016 × 50,000, wato nuton-mita 120, 120 N·m ke nan. Wannan misali ne kawai. Ainihin adadin yana cikin takardar mai ƙera gaskit, kuma gaskit na roba yana son ƙasa da haka sosai, in ba haka ba ya tsartu waje. Amma da 120 ɗin, matakanka sun kama 40, sai 75, sai 120.

Yanzu ga abin da ke kasuwa. Sifana zobe da ake zura wa guntun bututu don ƙarin tsawo, kowane mai aikin bututu yana da ita, kuma a famfon lambu ba za ta kunyata ka ba. Matsalarta ita ce hannun mutum ba ya maimaita ƙarfi ɗaya sau 8, balle ya san inda kashi 30 yake. Bindigar iska ko ta batir kuwa ta kwance noti ce. A ɗauri, cikin ƙiftawa take kai boltin farko maƙura, filanji ya riga ya karkace kafin ka kai ga na 5. In dole sai an yi amfani da ita, a tsaya da zarar noti ya taɓa washa.

Wadda ta fi dacewa da yawancin masu aikin bututu ita ce sifanar awo mai ƙas, wadda ake murza hannunta a saita adadi, in ta kai ta yi ƙara. Abin dubawa a nan shi ne iyakarta, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Irin wannan sifana ana dogara da awonta ne daga kashi 20 cikin ɗari na ƙurewarta zuwa sama. Mai kan rabin inci da ke tafiya daga 40 zuwa 200 N·m ta rufe duk matakan nan uku. Babbar, mai kan inci uku bisa huɗu da ke kaiwa 600, kashi 20 ɗinta ya faɗo daidai kan 120, wato zagaye na farko da na biyu duk sun fita daga inda take faɗin gaskiya. Mai shago zai ce maka, "Masta, ɗauki babba, ta fi ƙarko." Ƙarko tana da shi, amma ba ta M16 ba ce. Sai aikinka ya koma M24 zuwa sama take zama dole.

Mai allura, wadda sandarta ke lanƙwasa allura ta nuna adadi, ta fi arha kuma ba ta da sifirin a ciki da zai gaji. Sai dai dole idonka ya tsaya saiti da allon, abin da ba ya samuwa a boltin da ke ƙarƙashin bututu kusa da ƙasa. Mai batir da allon lamba ta fi su daidaito, wasu ma suna ajiye adadin kowane bolti, abin da ke da amfani in ɗan kwangila zai nuna wa injiniya shaida. Ga wanda ke aiki cikin ruwa da ƙura kullum, tsadarta ba ta biyan kanta.

Sifanar awo ta hannu, wadda aka riga aka yi aiki da ita, kada ka biya sai ka gwada. Kama kan nata a bais, sandar a kwance sambal, ka auna daga tsakiyar kan zuwa tsakiyar mariƙi. A ce santimita 40 ne. Rataya nauyin kilo 20 a wurin, ko da galan Kufuor ne da ka cika da ruwa ka ɗora a sikeli. Wannan ya ba da kusan 78 N·m. In ka saita ta a 70 ya kamata ta yi ƙas, a 85 kuma ta yi shiru. Wadda ka tarar an ajiye ta a saite can sama, ka yi shakkarta, domin sifirin ɗin ya daɗe a matse. Ƙa'idar ISO 6789 ta ce a sake duba awonta duk shekara ko bayan ɗauri 5,000.

Sauran kuɗin ka kai su kan bolti. Kusan kashi 90 na ƙarfin da ka sa gogayya ce ke cinye shi, ɗan ragowar ne ke jan boltin. Shi ya sa sifana mai tsada a kan bolti mai tsatsa ba ta da amfani: za ta yi ƙas, gaskit bai dannu ba. Akasin haka ma yana faruwa. Busasshen bolti mai K 0.2 yana buƙatar 160 N·m kafin ya ja 50 kN, amma in ka ba boltin da ya sha giris wannan 160 ɗin, zai ja kusan 67 kN, ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Don haka ka sayi duka 8 iri ɗaya, sababbi, masu 8.8 a buge a kai, da washa mai tauri, ka shafa giris iri ɗaya a zare da ƙasan kowane noti. Ka haɗa da dogon sokat mai lamba 24, don gajere yakan tokare da kan bolti kafin ya kama noti, da sifana zobe mai lamba 24 da yaronka zai riƙe ta baya.

In ɗaya ɓangaren bawul ne ko famfo na ƙarfen zubi mai shafaffiyar fuska, nemi gaskit mai faɗin fuska duka, mai hujin bolti a jiki. Ƙaramin zobe yana barin gefen filanjin a sarari, kuma ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.