Kafin ka sayi kwamfutar gem: cijewar da katin hoto mai tsada ba ya magancewa

Mai shirin sayen kwamfutar gem a Gusau ko Birnin Kebbi, ko ta gida ce ko ta buɗe gidan gem, yakan zuba mafi yawan kuɗinsa a katin hoto. Sai a kawo ta, gem yana tafiya sumul, amma da zarar an shiga sabon wuri ko an harba sabon makami, hoton ya cije na ɗan lokaci sannan ya ci gaba. Sau da yawa ba katin ne ya gaza ba. Haɗa sheda ne, aikin da wasu gem ke nunawa a allo da `Compiling shaders`, kuma furosesa ce ke yin sa, ba katin hoto ba.

Sheda ƙaramar manhaja ce da ke gaya wa katin hoto yadda zai zana haske, inuwa, ruwa, hayaƙi ko fatar mutum. Babban gem yana da dubbai. Masu ƙera gem ba sa iya turo su a shirye, domin kowane jinsin kati da nasa harshen: na NVIDIA daban, na AMD daban, na Intel daban, kuma ko direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, aka sabunta sai an sake. Don haka sukan turo su rabin dahuwa, direban katinka ya ƙarasa a kan kwamfutarka. Matsalar tana ga lokacin da ake ƙarasawar. Gem mai hoto 60 a sakan yana da milisakan 16.7 kacal don ya zana kowane hoto. In ya buƙaci shedar da ba a haɗa ba tukuna, sai ya tsaya jira. Haɗawar da ta ci milisakan 100 ta cinye lokacin hoto shida ke nan, kuma ido yana gani sarai. Gem ɗin DirectX 12 da Vulkan, wato sabbin hanyoyin da gem ke magana da katin hoto, sun fi shiga wannan hali, saboda a can nauyin shirya wannan aiki tun da wuri yana wuyan masu gem ne, ba direba ba.

Shi ya sa PS4 da PS5 ba su da wannan ciwo. Kowace PS5 kayan cikinta sananne ne, don haka gem yana zuwa da shedarsa a haɗe. Ga mai gidan gem da abokan cinikinsa ƙwallo da dambe suke bugawa, a ganina PlayStation ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Steam Deck, ƙaramar na'urar gem ta riƙewa a hannu ta kamfanin Valve, ita ma haka: kayanta iri ɗaya ne, Valve kan turo sheda haɗaɗɗiya ta intanet, har Elden Ring da ya yi ta cijewa a manyan kwamfutoci a 2022 ya fi santsi a kanta. Sai dai wannan saukarwa tana shan data, kuma tana maimaituwa bayan sabuntawa.

In kwamfuta ka ƙudurta, ga misali. An ajiye maka biyu a kan kusan kuɗi ɗaya. Ta farko Core i5-7400 ce da RTX 3060. Ta biyu Ryzen 5 5600 ce da GTX 1660 Super. Mai shago zai nuna maka ta farko, don katinta ya fi ƙarfi, kuma gaskiya ne za ta ɗauki zane mai nauyi. Amma furosesarta ƙwayoyin aiki huɗu gare ta, kowace da zare ɗaya, ita kuwa ta biyu shida gare ta da zare goma sha biyu. A gem ɗin da ke haɗa sheda tun farko, aikin yakan rarrabu kan dukkan ƙwayoyin, sai ta biyu ta gama da wuri sosai. A wanda ke haɗawa ana cikin wasa, ta farko ba ta da rarar da za ta ba aikin, gem ɗin kansa ya riga ya cinye huɗun, cijewarta za ta fi tsawo. Ni ta biyun zan ce a ɗauka, a ƙara kati daga baya in hali ya samu. Ka buɗe Task Manager, ka shiga `Performance`, ka karanta `Cores` da `Logical processors` da idonka. Kada ka yarda da "i7 ce" kawai, domin i7 na tebur har zuwa ƙarni na bakwai mafi yawansu ƙwaya huɗu ne. Amma ko furosesa mafi tsada rage tsawon cijewar take yi, ba ta kawar da ita.

Kawarwa tana hannun masu gem, don haka zaɓen gem ma saye ne. Wasu sukan tsayar da kai a farko su haɗa komai, kamar Horizon Zero Dawn a kwamfuta a 2020 da The Last of Us Part I a 2023, wanda jiransa ya yi tsawo har mutane suka yi ta kuka. Jiran yana da ciwo, amma ya fi a yi ta tuntuɓe cikin wasa. Call of Duty na zamani yana haɗawa kana cikin menu, ka bari ya cika kafin ka shiga fafatawa. Doom Eternal kuwa an gina shi da sheda kaɗan masu ɗaukar aiki da yawa, shi ya sa ba a san shi da cijewa ba. Waɗanda suka fi ƙaurin suna su ne gem ɗin da aka gina da manhajar Unreal Engine 4 aka saki ba tare da wannan shiri ba. The Callisto Protocol haka ya fito a Disambar 2022, sai daga baya aka gyara da haɗawa tun farko. Saboda haka tsohon kwafin da aka zuba maka a shago ba tare da sabuntawa ba yana iya zama mai ciwon.

Kafin ka biya, ka gwada. A sa manhajojin MSI Afterburner da RivaTuner, a kunna zanen `Frametime`, wato lokacin da kowane hoto ya ci, domin lambar hoto a sakan tana ɓoye cijewa. Ka buga wani sashe na minti biyar, ka rufe gem, ka sake buga wannan sashen. In tsinin da ya riƙa tashi a zanen ya ɓace a karo na biyu, sheda ce, an haɗa an adana, kwamfutar lafiyarta ƙalau. In ya dawo a daidai ƙofa ɗaya ko lungu ɗaya kullum, lodin sabon wuri ne, a duba ko gem ɗin yana kan SSD. In kuwa farko lafiya, bayan minti ashirin komai ya yi nauyi, zafi ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama laftof ɗin hannu a nan, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke toshe fanka. Haɗa sheda kan ɗora furosesa a kan cikakken aiki na mintuna, don haka shi kansa gwaji ne mai kyau: laftof ɗin da ta mutu a tsakiyarsa, bar ta a shagon.

Bayan saye, a kiyaye abin da aka haɗa. Na NVIDIA yakan zama a nan, ko da yake wurin yana iya canzawa da direba:

```
%LOCALAPPDATA%\NVIDIA\DXCache
```

A NVIDIA Control Panel ka mai da `Shader Cache Size` zuwa `10 GB` in gem ɗinka da yawa, don kada sabon gem ya ture na tsoho. Kada ka zaɓi `DirectX Shader Cache` a Disk Cleanup sai in hoto ya lalace. Kada kuma ka riƙa sabunta direba ba dalili, kowace sabuntawa tana mai da aikin baya. Mai gidan gem da ke amfani da manhajar da ke goge komai in an kashe kwamfuta, ya ware wannan ma'ajiya, in ba haka ba kowace safiya sabuwar cijewa ce. Haɗawar farko kuma a yi ta da laftof a jone da caja, a kan inbata ko janareta, domin a kan batir furosesa tana rage gudu, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya sa a sake aikin.