Gargaɗi: Damfarar "kyamarar gaba 48MP" a wayoyin jabu

Jama'a, a yi hattara da tallan wayoyin da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, masu cewa kyamarar gaba 48MP ce ko 72MP, "kiran bidiyo tar kamar kuna tare", kuma farashin bai kai rabin na wayar kirki ba. Sharaɗinsu kusan ɗaya ne: tura kuɗi, a sa maka a mota. Waɗanda suka fi faɗawa hannunsu su ne masu sayen waya takanas don kiran bidiyo, kamar mai iyali a Saudiyya, da ɗalibin da ke karatu ta Zoom, da mai sayar da atamfa da ke nuna wa kwastoma kaya kai tsaye.

Wayar takan zo da suna mai kama da na sanannen kamfani, an sauya harafi ɗaya ko an lafta mata Pro da Ultra. Sensar da ke cikin kyamarar gaban, wato ɓangaren da ke kama haske ya mayar da shi hoto, ƙarama ce, 2MP ko 5MP. Sai a sa manhajar wayar ta buɗa hoton bayan an ɗauka, ta ƙirƙiro ɗigogin da babu su ta hanyar kwaikwayon na kusa da su, har faɗi da tsawon hoton su kai 8000 da 6000. Ka ninka su, ɗigo miliyan 48 cif, wato 48MP, domin MP ko megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Idan ka buɗe Details na hoton za ka ga lambar, idan ka shiga Settings ma ita za ka gani, domin wanda ya haɗa wayar shi ya rubuta abin da yake so ka karanta. Kamar a tsinka kunun mutum biyu da ruwa ne har ya cika bokiti: bokitin ya cika, amma gasarar ba ta ƙaru ba. Bidiyon da ke cikin tallan kuwa, babu abin da ke tabbatar maka da wannan wayar aka ɗauke shi.

Abin da 'yan damfarar suka dogara da shi shi ne mutane sun ɗauka yawan megafiksel shi ne kyawun hoto. A kiran bidiyo lissafin bai ma kai nan ba. Bidiyon 720p ɗigo 1280 ne sau 720, wato bai cika megafiksel ɗaya ba. Na 1080p kuwa 1920 ne sau 1080, kaɗan ya haura megafiksel biyu. Yawancin kiran bidiyo bai wuce 720p ba, kuma da sabis ya yi rauni manhajar ke rage shi ƙasa da haka don kada kiran ya katse. Ko da 48MP ɗin gaskiya ne, abin da zai isa wurin wanda kake magana da shi bai wuce miliyan ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa kyamarar gaban iPhone 11 har zuwa iPhone 15 take 12MP, haka ta Galaxy S23, kuma babu mai kukan fuskarsa ba ta fita.

Abin da ke fitar da fuska shi ne yawan hasken da kyamara ke iya kamawa. Sensar kyamarar gaba ƙanƙanuwa ce saboda ramin da aka bar mata a saman sikirin, to idan aka cusa mata ɗigogi masu yawa, kowane ɗigo zai ƙanƙance, hasken da yake samu ya ragu. Ko kamfanonin gaskiya masu sa 32MP sun san da haka: ɗigonsu yakan zama ƙanƙani ƙwarai, sai wayar ta haɗa huɗu-huɗu su zama ɗaya, hoton ya koma 8MP mai haske. Wannan ba ha'inci ba ne, dabara ce sananniya. Sai kuma faɗin ƙofar haske, lambar da ake rubutawa da f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma f/2.0 tana shigar da ninkin hasken da f/2.8 ke shigarwa. Mai wayar jabu ba ya rubuta wannan a kwali, in ma ya rubuta to shaci-faɗi ne.

A cikin ɗaki da daddare asirin ke tonuwa. Idan haske ya yi wa sensa kaɗan, waya na ƙara wa hoton ƙarfi da kanta, sai fuska ta cika da tsaki-tsaki kamar an watsa mata yashi. Tana kuma jinkirta ɗaukar kowane hoto, don haka da ka juya kai sai fuskar ta ja jela. Manhajar kira kuma dole ta matse bidiyon kafin ta tura, tsaki-tsakin nan ya cinye rabon datar da ya kamata ya tafi ga ido da baki, a can ɗaya ɓangaren a ga fuska dishi-dishi. Da yawa sai su ɗora wa sabis laifi, su yi ta canza layi, alhali matsalar tana cikin wayar.

Idan wayar na hannunka kafin ka biya, gwajin minti biyar ya isa. Buɗe kyamarar gaba, koma ɓangaren bidiyo, duba iyakar abin da take ɗauka. Wayar da ke iƙirarin 48MP amma bidiyonta ya tsaya a 720p ko 480p, ajiye ta. Sannan kashe Beauty da duk wata tacewa, domin shafe fata da take yi shi ke ɓoye rashin kaifin hoto. Riƙe takardar naira ɗari biyar kusa da kuncinka, miƙa hannu ka ɗauka, ka buɗa hoton da yatsu biyu. Kyamarar 8MP ta gaskiya za ta nuna maka manyan rubutun takardar da bakinsu a tsaye, da gashin gira ɗai-ɗai. Ta jabu za ta nuna rubutun ya narke kamar tawadar da ruwa ya taɓa, duk da fayil ɗin na cewa 8000 sau 6000.

Kada ka tsaya a ƙarƙashin fitilun shago, an tanade su ne don kaya su yi kyau. Matsa zuwa lungu mai ɗan duhu, ka kira wani ta WhatsApp, ka kaɗa hannu a gaban fuskarka, ka tambaye shi me yake gani. Juya wa ƙofa ko taga baya ka ga ko fuskarka za ta koma baƙi ƙirin. Waya mai sarrafa hoto da kyau tana daidaita hasken baya da na fuska. Wannan gwajin kiran yana da muhimmanci saboda gyare-gyaren da manhajar kyamara ke yi wa selfi ba lallai su bi ka cikin WhatsApp ko Zoom ba.

Manhajoji irin su Device Info HW da AIDA64 sukan nuna ainihin girman sensa, amma ana iya shirya wayar jabu ta yi musu ƙarya su ma, don haka shaida ce ta biyu. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, ka nemi sunan wayar a shafin kamfanin da ake cewa shi ya ƙera ta. Idan babu ta a can, magana ta ƙare.

A wayar hannu kuma akwai wani abu: idan an taɓa canza sikirin, ƙura ko gam na iya maƙalewa a ramin kyamara, hoton ya riƙa fita da hazo, fitilu su yi ta baza haske. Goge wurin da ƙyalle mai laushi ka cire abin kare sikirin. In hazon bai tafi ba, daga ciki yake.

Mai tallan da ya ƙi yarda a biya bayan an gwada, ko ya ƙi ba da rasit mai ɗauke da sunan waya da IMEI, kada ka tura masa ko sisi. Wanda ya riga ya tura, ya ajiye hoton tallan da hirarsu da shaidar biyan kuɗi, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan a Najeriya ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.