Allon gwajin ofam da na saya wa ɗalibaina: intagireta ta faranta min, difaranshiyeta ta ɓata min rai

Jama'a, duk mai shirin sayen ɗan koren allon nan na gwajin ofam, mai ayisin ofam 741 guda biyu, ɗaya na intagireta ɗaya na difaranshiyeta, ya tanadi rasista biyu da kayan solda tun kafin ya biya kuɗi.  Ni na saya ne don ɗalibaina su ga da idonsu abin da muke zana musu da alli, amma yadda ya fito daga leda ba ya yin abin da takardarsa ta ce.

Ga abin da ya faru da intagireta. Rasistar shiga 10 kΩ ce, kafasitar da ke tsakanin fita da ƙafa ta 2, ƙafar shiga mai alamar ragi, kuma 100 nF, wato RC ya zama milisakan 1. Na ba allon wuta +12 da −12, na saka sukwaya mai hawa +1 ta sauka −1 bolt a 1 kHz. Lissafin ba shi da wuya:

```
dVout/dt = −Vin / (R × C)
```

Muddin shiga tana kan +1, fita za ta riƙa gangarowa da bolt 1 a kowane milisakan. Rabin zagayen 1 kHz rabin milisakan ne, don haka abin da ya kamata a gani shi ne tirayangul mai tsayin rabin bolt daga ƙasa zuwa sama. Tirayangul ɗin ya bayyana a osiloskof kamar ƙiftawar ido, sai ya zame ƙasa ya fice daga gilashin. Da na rage ma'auni na bi sawunsa, na same shi manne a wajen −10 da ɗoriya, gindinsa a daddatse. Na kashe na kunna, haka. Na sa wa shiga waya zuwa ƙasa, ba sigina ko kaɗan, fita ta ci gaba da rarrafe har ta je ta jingina da iyakar wuta cikin 'yan daƙiƙu.

Wannan fa a gaban yara ne, bayan na gama cika musu baki cewa yau za su ga sukwaya ta koma tirayangul. Na koma wurin mai shagon, ya ce, "Malam, ai ayisin ne ya ƙone, a canza maka." Na ce masa, Alhaji, ayisin lafiyarsa ƙalau, wanda ya tsara allon ne ya yi rowar rasista ɗaya.

Intagireta kamar randa take a ƙarƙashin famfo: ko ɗigo ne kawai yake sauka, in ba wurin fita, sai ta cika. Janaretan siginarmu yana da ɗan karkacewar DC na kimanin milibolt 20, wanda ba wanda zai lura da shi a wani gwajin. A nan kuwa milibolt 20 a kan milisakan 1 yana nufin bolt 20 a daƙiƙa guda, shi ya sa tirayangul ya gudu nan take. Ko an cire janareta, ita kanta 741 tana jan ƙaramin karan a ƙafafun shigarta, yawanci wajen 80 nA, kuma wannan kaɗai a kan 100 nF yana tura fita da bolt 0.8 a daƙiƙa, ban da ɗan bambancin milibolt ɗaya ko biyu da ke tsakanin ƙafafun. Kafasita ba ta barin DC ya wuce, saboda haka a wurin DC ofam ɗin ba ta da fidbak sam.

Maganin shi ne 100 kΩ a faralel da kafasitar, ƙafa da ƙafa. Na kifa allon na ɗora ta ta baya. Yanzu ribar DC ta tsaya a 10, milibolt 20 ɗin nan ya zama bolt 0.2 ya tsaya a wurin. Kuma wallahi abin da ya fito ya wanke min zuciya. Tirayangul tsaf, gefunansa miƙe, rabin bolt daidai. Na sauke zuwa 500 Hz ya zama bolt ɗaya, na haura 2 kHz ya koma kwata. Wata ɗaliba ita ta fara lura cewa lokacin da sukwaya take sama shi yana sauka ne, ta gano juyin da alamar ragi ke nufi ba tare da na ce komai ba. Da muka saka ramf mai hawa da sauka, fita ta zama lanƙwasassun baka masu kama da sayin, amma farabola ce, domin gangarar kanta tana ƙaruwa yayin da shiga ke hawa. A kula dai, rasistar 100 kΩ da kafasitar suna da iyaka a wajen 16 Hz, kuma aikin ba ya kyau sai an ninka wannan kamar sau goma. A 50 Hz gefunan tirayangul sun fara lanƙwasa irin na cajin kafasita.

A nan na so in ce allon ya ci kuɗinsa. Sai muka matsa ɓangaren difaranshiyeta, raina ya sake ɓaci, har fiye da na farko.

Kafasita 10 nF a shiga, 10 kΩ a fidbak, RC milisakan 0.1. Na saka tirayangul mai bolt 2 daga ƙasa zuwa sama a 1 kHz, gangararsa bolt 4 ke nan a milisakan.

```
Vout = −R × C × dVin/dt
```

Amsar ita ce −0.4 lokacin hawa, +0.4 lokacin sauka: sukwaya ƙarama. Ta fito, amma a kowace kusurwa layin sai ya yi tsalle ya wuce, ya dawo, ya yi ta kaɗawa kafin ya lafa. Na buɗe lokacin na auna kaɗawar, ta kusa 40 kHz. Ba hayaniyar wutar NEPA ba ce, ba kuma wayoyin osiloskof ba. Ribar difaranshiyeta tana hawa da firikwensi, tun daga wajen 1.6 kHz inda take 1, ita kuma ribar 741 tana sauka zuwa 1 a wajen 1 MHz. Inda suka ci karo, wajen 40 kHz, jinkirin biyun ya haɗu har fidbak ya kusa zama mai ingizawa. Duk wanda ya taɓa haɗa wannan da'ira ya san sai an sa ƙaramar rasista kafin kafasitar shiga. A allon nan ko ramin da za a sa ta babu. Sai da na yanke layin tagulla da reza na gina gada da 470 Ω, wadda ke tsayar da hawan ribar a wajen 34 kHz. Kaɗawar ta mutu, saman sukwaya ya kwanta a 0.4.

Sukwaya a shiga kuwa tsinaye take bayarwa, ɗaya ƙasa a gefen hawa, ɗaya sama a gefen sauka, tsakaninsu sifiri. A rage shigar zuwa kamar bolt 0.1, domin tsallen bolt 2 sau riba kusan 20 ya fi ƙarfin wutar allon, kan tsinin sai ya daddatse, kuma 741 ba ta iya gudu fiye da rabin bolt a maikirosakan.

Soket ɗin ayisi yana da kyau, wannan na yaba. Amma sauran allunan da na saya suna nan a kwali, kowanne yana jiran reza da solda, kuma ɗalibin da ya sayi nasa shi kaɗai zai ɗauka shi ne bai iya ba. Ga malami ko mai gyara da ya san abin da ya ɓace, a saya. Ga mai koyo da ba shi da wanda zai duba masa, gara ya sayi biredbod da kayan a warwatse, ya sa 100 kΩ da 470 Ω ɗin tun farko.