Rikodin wasa da sautin ciki: na waya ko manhaja?

Kullum sai an tambaye ni wanne ya fi, mai rikodin allo da ya zo da waya ko manhajar da ake saukewa.

Daga Android 11, na waya yana cikin maɓallan da ake jawowa daga sama. Kafin ka fara, zaɓi Device audio. Idan ka bar shi a Microphone, kukan janareta da hirar maƙwabta za su shiga bidiyon. Na taɓa cin ƙwallo mai kyau, da na kunna sai muryar mai tallan awara! Manhaja ma tana ɗaukar sautin ciki tun daga Android 10, amma duk wasan da ya toshe hakan, shiru za ka ji. Gwada daƙiƙa 10 tukuna.

Na waya kyauta ne kuma bai cika nauyaya wasa ba. Manhajojin kyauta yawanci talla gare su, wasu har da tambari a jikin bidiyo.

Inda manhaja ta yi zarra shi ne girman fayil, domin kai ke saita ingancin. A 8 Mbps, minti ɗaya kusan 60 MB ne, wasan minti 10 ya kai 600 MB. Ƙwallon kuwa daƙiƙa 20 ce, wato 20 MB. Don yanke wannan ɓangaren kawai, manhaja yawanci na da almakashinta. Mai na waya sai ya buɗe Google Photos, ya danna Edit, ya ja gefuna biyu.

Mai ƙaramar waya da ke tura wa abokai, na waya ya ishe shi. Mai ɗorawa kullum, ko mai Android 10, manhaja ta fi masa.