Akuya biyu ko kaji ashirin?

"Na ɗauki adashi jaka tamanin, ina Garwa, tsakar gidanmu da ɗan fili. Awaki zan saya ko kaji? Ba na son kuɗin nan su salwanta."

Ƙanwata, tunda tsoronki asara ne, bari mu fara da abin da ke kashe kowanne.

Kaji na da ciwo guda da ke share akurki cikin mako ɗaya, wanda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Ya fi tashi da hunturu, daga Disamba zuwa Maris. Za ki ga kaza ta yi tsuru ta saki fukafukai, tana zawo kore, tana buɗe baki neman numfashi, wata har wuyanta ya murɗe. In ya shigo ba ya da magani, sai dai rigakafi tun kafin lokacinsa. Ni ma ya taɓa ni: na sayo zakara a kasuwa na sake shi cikin kajina a ranar, kafin Juma'a ta zagayo sha huɗu sun koma uku. Maganin rigakafin ba nisa, a nan Bokle kusa da Garwa cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta LANAVET ke yin sa, amma yana son sanyi, kuma kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce. Sai ku haɗa kai da maƙwabta a yi wa na unguwa rana ɗaya, cikin Oktoba ko Nuwamba.

Awaki ma suna da tasu annobar, PPR: majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, sai zawo. Sai dai allura ɗaya tana tsare akuya shekara uku, ta kaji kuwa maimaitawa ake yi. A nan akuya ta fi kwantar da hankali.

Wajen saurin kuɗi kaza ce gaba. Takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kamar sau uku a shekara. Kada dai ki yi lissafi da abin da aka ƙyanƙyashe, don shirwa da sanyi da muzuru kan kwashe rabi in ba a kife ƴan tsaki a kwando makonnin farko ba. Wanda ya tsira, wata biyar ko shida ya isa sayarwa. Akuya kuwa cikinta kawai wata biyar ne, ɗan kuma ya yi wata shida zuwa takwas kafin ya yi daraja. Shekara guda ke nan kina ciyarwa ba ki ga ko dala ba.

Cin nan shi mutane ke mantawa. Da damina akuya kusan kyauta take ci, amma daga Maris zuwa faɗuwar ruwa damin harawa sai ya nemi ya gagare ki. Mai dabara tun kaka yake tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, ya haɗa da dusa da ɗan kanwa. Dusar gurya ta kamfanin auduga SODECOTON tana riƙe akuya da rani, tafin hannu ɗaya a rana, amma kada ki cika wa kaji ita, tana yi musu illa. Kajin gida su yi ta tono, ki watsa musu tsaki da yamma, amma ashirin a tsakar gida ɗaya tono ba zai ishe su ba, dole ki taɓa hatsin tuwo.

Da ni ce ke, ga yadda zan raba tamanin ɗin. Mu ɗauka kin samu matashiyar akuya a jaka ashirin da biyar: biyu hamsin ke nan. Kaji huɗu da zakara, a ce sha biyar. Sha biyar ɗin da ta rage ta tafi ga harawa, dusa, allurai da maganin tsutsar ciki. Kada ki sayi bunsuru, na maƙwabta ya isa. Amfanin kajin, ranar da yaro ya yi zazzaɓi kaza za ki kama ki sayar, ba za ki karyar da akuya mai ciki ba.

In za ki kasuwar Pitowa ran Lahadi, tafi da wanda ya san dabba, kuma ki kauce wa makonnin gab da Layya. Buɗe bakin akuyar: manyan haƙora biyu a gaba, ta ƙasa, na nufin ta ɗan haura shekara, ita kike so. Duba hanci a bushe yake, gindin wutsiya ba kashi, hantsa ba ƙulli. In kin kawo su gida, ɗaure su gefe guda mako uku kafin su haɗu da na unguwa. Kajin ma a kife su daban mako biyu.