Tikiti biyu, aiki ɗaya: a haɗe ko a rufe?

"Jama'a, a ba ni shawara. Ni ke riƙe da layin ayyuka a wani kamfanin sola a nan Gombe. Matsala ɗaya sai ta shigo sau biyu ko uku, wani sa'in ma wannan ya ce a gyara, wancan ya ce a canza. In haɗe su ne, ko in rufe saura in bar ɗaya? Jiya ma'aikatanmu biyu sai a ƙofar gida ɗaya suka yi kiciɓis." Hauwa

Malama Hauwa, dukkansu biyun suna barin tikiti ɗaya, wato rubutaccen ƙorafi mai lambarsa, a buɗe, shi ya sa ake ɗaukarsu abu guda. Inda suka rabu shi ne abin da ke samun na biyun. In kin haɗe, kin juye abin da ke cikinsa a cikin na farko, zancen ya koma wuri ɗaya, shi kuma ya mutu. In kin rufe shi a matsayin maimaici, yana nan da kayansa da sunan mai shi, sai dai kin rubuta a jikinsa cewa aikin yana lamba kaza. Haɗewa ta fi tsabta, rufewa ta fi sauƙin komawa baya in an yi kuskure. Ni dai in ina da shakka ko kaɗan, rufewa nake yi da ɗaure lamba, ba haɗewa ba.

Bari mu ɗauki misali irin na aikinku. A ce kun sa sola a wata filaza mai shaguna 12 a Jekadafari, inbata ɗaya ce mai 5 kVA ke ba su wuta duka. Ranar Litinin da ƙarfe 8:10 na safe mai kula da filazar ya kira, ya ce inbata tana ƙara tana ɗauke wuta. Aka buɗe 412. Da 11:30, ganin shiru, sai ya turo hoton fuskar inbatar ta WhatsApp, abokin aikinki da ke riƙe da wayar ya buɗe 415. Kafin azahar tela ya kira, 417. Mai POS ya kira, 418. Mai sayar da ruwan sanyi ya kira, 419. Da la'asar mai filazar da kansa ya aiko saƙo cewa kada a ɓata kuɗi a kan tsohuwar, a kawo mai 10 kVA, wannan ya zama 421. Tikiti shida ke nan a kan gini ɗaya, kuma ba hukunci ɗaya ya dace da su ba.

412 da 415 su ne gidan haɗewa. Mutum ɗaya ne, na'ura ɗaya, matsala ɗaya, kuma na biyun ya zo da abin da na farko ba shi da shi, wato hoton da ke nuna lambar kuskuren da ta fito. Ma'aikacin da zai hau mashin yana bukatar ganin wannan hoto kafin ya zaɓi kayan da zai ɗauka. In kika rufe 415 kawai, hoton ya kwanta a tikitin da ba mai sake buɗewa.

Amma ki kula da wanda zai rayu. 412 ne, ba 415 ba, ko da na bayan ya fi shi cikakken bayani. Dalilin agogo ne. In kun yi wa kwastoma alkawarin zuwa cikin awa 24, lissafin ya fara ne daga 8:10. Kika juye tsoho cikin sabo, kin share awa 3 da minti 20 na jiran da mutumin ya yi, tikitin kuma ya sauko ƙasan layi, bayan waɗanda suka zo bayansa. A nan asarar kaɗan ce. Ki ɗauka sai bayan kwana biyu ya turo hoton: a takarda za a ga kun cika alkawari, alhali mutum ya kwana biyu a duhu. Wuri ɗaya nake karya wannan doka, shi ne in an riga an tura ma'aikaci a kan sabon, ya rubuta abin da ya gani, an fitar da kaya daga sito da lambarsa. To nan sai in bar sabon, in rubuta lokacin tsohon a samansa ƙarara.

Ba ki faɗi manhajar da kuke aiki da ita ba, kuma wannan yana da tasiri. A Zendesk akwai haɗewa ta gaske, kuma ba a warware ta. Tikitin da aka juye yana rufuwa nan take, ya samu alamar `closed_by_merge`, rufaffen tikiti kuwa a can ba a sake buɗe shi. Abin da aka cike a gurabensa, kamar muhimmancin aiki, ba ya bin sa zuwa wanda ya rayu. Saboda haka in 415 ne aka sa wa "gaggawa", sai kin ɗaga 412 da hannunki. A Jira kuwa abin da aka saba shi ne ɗaurewa: ki ɗaure su da `duplicates`, ki rufe na biyun da dalilin `Duplicate`. A GitHub layi ɗaya ake rubutawa a tikitin da za a rufe:

```
Duplicate of #412
```

Yanzu ga 417 da 418, inda mafi yawan masu riƙe layi suke zamewa. Sanadin ɗaya ne, amma masu ƙorafin daban ne. Kada ki haɗe su da 412. A cikin 412 za a yi maganar kuɗin gyara, wataƙila har da bashin da ake bin mai filaza, kuma a wasu manhajojin wanda aka juye tikitinsa yana iya shiga cikin masu samun kwafin saƙo. Ba ki so tela ya karanta abin da ke tsakaninku da mai gidan hayarsa. Ban da haka, tela da mai POS kowannensu yana jiran a ce masa wuta ta dawo, kuma kowanne yana da hakkin ya ce shi tasa ba ta dawo ba. Abin yi shi ne ki ɗaure su a jikin 412, ki cire su daga jerin da ake raba wa ma'aikata. Zendesk ma yana da tsari na musamman don wannan: babban ya zama `Problem`, ƙananan su zama `Incident`, ranar da aka warware babban sai ƙananan su bi shi. In ba ki da irin wannan, ki rufe su a matsayin maimaici, amma da saƙo ga mai shi: "Malam, mun samu ƙorafinka. Matsalar daga inbatar filaza ce, tana lamba 412, ma'aikacinmu zai zo kafin gobe da safe. In wuta ta dawo wa maƙwabta taka ba ta dawo ba, ka kira mu da wannan lamba." Rufewa ba tare da wannan saƙo ba ita ke haifo tikiti na uku, don mutumin zai ɗauka an yi watsi da shi ne.

419 kuwa ki tsaya ki yi tambaya ɗaya kafin ki taɓa shi: tun yaushe? In mai ruwan sanyi ya ce shi tun daren Asabar wutarsa ta ɗauke, lokacin da sauran shaguna ke da wuta, to kama da wane ba ta wane. Mai yiwuwa birekarsa ce ta faɗi ko waya ta ƙone a layinsa, kuma firjinsa ma na iya zama abin da ke yi wa inbatar nauyi. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in an gama aikin farko, shin wannan zai warware da kansa ba tare da an ƙara taɓa komai ba? In amsar "wataƙila" ce, ba maimaici ba ne. A bar shi a buɗe, a ɗaure shi da 412 a matsayin mai alaƙa, a ba ma'aikaci ɗaya su biyun don tafiya ɗaya ce. Na taɓa haɗe irin wannan a wani wurin da na yi aiki, sai bayan kwana huɗu mutumin ya zo ofis da kansa, mu kuma allonmu yana nuna komai ya kammala.

Saura 421, wanda ya fi su wuya. Wannan ba maimaici ba ne, karo ne: ɗaya ya ce a gyara, ɗaya ya ce a cire. In kin haɗe su, ma'aikaci zai buɗe tikiti ya ga umarni biyu, ya bi wanda idonsa ya fara faɗawa a kai. In kin rufe ɗaya da kanki, kin yanke hukuncin da ba naki ba. Naki shi ne ki dakatar da sayen kayan gyara a 412, ki rubuta dalili a tikitocin biyu, ki kai maganar ga wanda zai biya kuɗin, wato mai filaza, kuma ki nemi amsarsa a rubuce ko da saƙon waya ne. Ki gaya masa abin da ba lallai ya sani ba: sabuwar inbata in ba ta a sito sai an yo odarta, wataƙila daga Kano, kuma ninka ƙarfinta yana iya jawo ƙarin batura da canjin wayoyi. Shaguna 12 ba za su zauna babu wuta har ta iso ba. Sau da yawa a nan ake gane cewa ayyukan ba kishiyoyi ba ne, jere suke: a lallaɓa tsohuwar yau, a canza mako mai zuwa, tikiti biyu su ci gaba kowanne da ranarsa. In kuma ya ce sam, a bar gyaran, sai ki rufe 412 da dalilin "an fasa", ba "maimaici" ba, ba kuma "an gama" ba. A Jira `Won't Do` ne, a GitHub `Close as not planned`. Sannan ki mayar da ɗaurin 417 da 418 kan 421, in ba haka ba suna rataye da tikitin da ya mutu.

Dalilin rufewa ba ado ba ne. Ƙarshen wata oga zai tambayi ayyuka nawa aka yi. In duk shidan sun fita da "an gama", rahoto zai ce shida, alhali tafiya ɗaya aka yi ko biyu, kuma in ana biyan ma'aikata ko kuɗin mai bisa yawan aiki, kin ga inda rigima za ta fito.

In a Excel ko Google Sheets kuke rubutawa, duk wannan yana yiwuwa. Kada dai ki goge layi. Ki ƙara gurbi biyu, ɗaya na dalilin rufewa, ɗaya na lambar tikitin da ya rayu. Kiciɓis ɗin jiya kuma maganinsa a bakin ƙofa yake: a riƙa rubuta lambar jikin inbata a kowane tikiti, don sunan mutum da kwatancen unguwa kowa da yadda yake rubuta su. In lambar tana gurbin C, matsayin aiki yana F, ki sa wannan a sabon gurbi a layi na 2 ki ja shi ƙasa, zai nuna miki duk na'urar da ke da tikiti fiye da ɗaya a buɗe:

```
=COUNTIFS(C:C,C2,F:F,"a buɗe")>1
```

Duk layin da ya nuna `TRUE`, kada a tura kowa sai kin buɗe su kin karanta. Kuma ku tsayar da mutum ɗaya a kowace rana wanda shi kaɗai ke haɗewa da rufewa, don in ke da mai riƙe da wayar WhatsApp kuka ga 412 da 415 a lokaci guda, kina iya rufe wannan shi ya rufe wancan, a wayi gari babu ko ɗaya a layi.