Maikuromita mai 0.01 ko mai 0.1, wanne za a saya?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin bayoloji ne a Jega. An ba mu giratikul, wato ɗan ma'auni mai layuka da ake sawa cikin madubin ido na maikuroskof, amma babu maikuromitar da za mu saita ta, wato gilashin ma'auni da ake ɗorawa a kan faranti. Mai kanti ya nuna mini iri biyu, mai 0.01mm da mai 0.1mm, ta biyun ta fi sauƙin kuɗi. Wacce zan ɗauka don auna ƙwayoyin halitta?"

Wa alaikumus salam Malam. Ɗauki mai 0.01, ko da za ka jira wata ya ƙare ka cika kuɗin. Ina da duka biyun a ɗakin gwajinmu a Birnin Kebbi, kuma mai 0.1 ita na fara saya saboda arha. Tana nan cikin aljihun tebur, sai in za a yi aiki da madubin x4 ko a auna ƙafar ƙwaro nake ɗauko ta. Iyakar amfaninta gare ni ke nan.

Ga abin da ya sa. Giratikul ɗin da aka fi samu tana da gida 100, amma gidajen nan ba su da wani tsayayyen tsawo. Tana zaune ne a cikin madubin ido, saboda haka duk madubin ƙasa da ka juyo, girmanta a idonka ba ya canzawa, abin da ke kan faranti ne ke girma. Maikuron 1000 ke yin milimita ɗaya, kuma a x10 gida ɗaya yakan kama wajen maikuron 10, a x40 wajen 2.5, a x100 wajen 1. To lissafa: a x40 giratikul ɗin gaba ɗayanta ba ta wuce maikuron 250 ba. Mai 0.1 kowane gidanta maikuron 100 ne, wato gida biyu da rabi kacal za su shiga. Tawa kuma layukanta kauri gare su, a x40 layi ɗaya sai ya haɗiye gidajen giratikul biyu zuwa uku, ka rasa inda za ka tsayar da ƙirga. Ranar da na fara gwada ta a gaban ɗalibai, mutum huɗu suka leƙa, aka samu amsa huɗu. Abin ya dame ni sosai, domin yaran sun ɗauka laifinsu ne.

Mai 0.01 kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida 100, kowane gida maikuron 10. Da ido ba ka ganin komai sai ɗan ɗigo a tsakiyar da'ira. Tun da na same ta ban ƙara gardama da kowa a kan awo ba, kuma bari in nuna maka yadda na yi da namu maikuroskof.

Na fara da x10, na nemo gefen da'irar nan na saita gani a kai, sannan na matso tsakiya. Idan layukan suka ƙi fitowa, haske ne ya yi yawa, rage buɗin da ke ƙarƙashin faranti za su bayyana. Sai na murɗa madubin ido har ma'aunan biyu suka kwanta a jere, na tura gilashin a hankali har sifirin wannan ya hau sifirin wancan. Daga nan ba na taɓa komai, sai in bi da ido zuwa dama in nemo inda layi ya sake hawa kan layi daidai. A nan mutane ke gaggawa, su tsaya a wurin farko da suka ga ya yi kama. Ka wuce, ka nemi mafi nisa, domin kuskuren rabin gida a cikin gida 10 babba ne, a cikin gida 90 kuwa ba ya cutarwa. Nawa ya faɗi a gida 97 na giratikul kan gida 100 na maikuromita, wato maikuron 1000.

1000 ÷ 97 = 10.3

Da na juya x40, layukan maikuromita suka yi nisa da juna kuma suka ɗan yi kauri, don haka na riƙa karanta gefen hagu na layi a farko da ƙarshe, ba hagu a nan dama a can ba. Gida 78 suka hau gida 20, wato maikuron 200.

200 ÷ 78 = 2.56

Ka lura ba 10 da 2.5 cif-cif suka fito ba. Abin da aka rubuta a jikin madubi kusan-kusan ne, shi ya sa jadawalin littafi ba ya maye gurbin saitawa. Na rubuta lambobin a takarda na manna a jikin maikuroskof ɗin, kuma na hana a musanya masa madubin ido da na wani. In an musanya, aiki ya dawo sabo.

Bayan haka sai maikuromita ta koma akwatinta, ba a auna ƙwaya da ita kai tsaye. Muka ɓare siririyar fatar cikin albasar Aliero, muka ɗiga aidin, a x10 wata ƙwaya ta ci gida 24 a tsawo, sau 10.3 ya ba da maikuron 247. Jan ƙwayar jini a x40 ta ci gida 3, sau 2.56 ya ba da 7.7, kuma an san tana tsakanin maikuron 7 da 8. Wannan jan ƙwayar ita ce shaidata kullum. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini 31, ban ko leƙa ba na ce masa da lambar x10 ya ninka alhali a x40 ya ƙirga, kuma haka ne. Masu aikin asibiti ma da irin wannan suke kama kansu: ƙwan tsutsar tsargiya da ake gani a fitsarin yaran bakin gulbi tsawonsa tsakanin maikuron 110 da 170 yake, in ka samu 500 ka san ba ƙwan ne ya girma ba.

Ba ka tambaya ba Malam, amma ka yi hankali da masu sayarwa. An taɓa ce mini wata giratikul "saitacciya ce daga kamfani", ba ta buƙatar maikuromita. Ƙarya ce, babu wanda zai saita ta bai ga maikuroskof ɗinka ba. Akwai kuma masu sa mai 0.1 a akwatin mai 0.01, da masu sayar da wadda aka buga a kan roba aka manna a gilashi, wadda layinta ke farfashewa ɗigo-ɗigo a x40. Kada ka biya sai an ɗora maka a maikuroskof. A x10 ya kamata ka ga gida 100 ɗin duka a fage ɗaya, sun yi kusan tsawon giratikul. Idan gida goma kawai suka cike tsawon nan, mai 0.1 aka ba ka. In kana da aboki a ɗakin gwajin asibiti, ari gilashin ƙirga jini na Neubauer: ƙananan murabba'an tsakiyarsa maikuron 50 ne kowanne, a namu x40 suna cin gida 19 da rabi. Idan lambar da ka fitar ba ta ba da kusan 50 ba, maikuromitar ce ke da matsala.

Guda ɗaya ta ishe ku makarantar duka, tunda sau ɗaya ake saita kowane madubi. Ka riƙe ta a hannunka, kada ta shiga hannun ɗalibai a x40, domin tazarar da ke tsakanin madubi da gilashi ba ta kai milimita ɗaya ba, murɗa babban maɓalli sau ɗaya ya isa ya tsaga ta. Lokacin hunturu kuma ka hure ƙura kafin ka goge, da takardar goge madubi, ba da bakin riga ba.